Shaddar Malam Waliyyu

Yayana Waliyyu bai taɓa mallakar shaddar kirki ba, ina nufin ta sawa. Rigarsa ta Juma'a wani farin yadi ne da wanki ya cinye wa wuya, matarsa Zinatu ta yi ta magana har ta gaji ta sa masa ido. Amma akwai wata shaddar da ya ɗauka ya aza a ka tun muna yara, wato 'yar alamar nan mai haƙora uku da ake ɗorawa a kan baƙin Larabci don a san baƙi biyu ne aka haɗe, sai an danna shi. A kan wannan shadda ya rasa ajinsa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi baƙi, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba, shi ko su.

A Danwarai aka haife mu, ƙasar Aliero. Babanmu Malam Abdulmumini manomi ne, gero da damina, albasa da rani, da safe kuma yana biya wa yaran unguwa karatu a zaure. Waliyyu ne babba, ni Raihanatu ni ce auta. Tun yana ɗan saurayi in ka kira shi Wali, wallahi ko waiwayowa ba ya yi. Innarmu za ta yi ta kwala masa kira daga tsakar gida, yana zaune yana jin ta, sai ta gaji ta ce "Waliyyu!" da ƙarfin nan nata, sannan ya ce na'am. In an yi masa faɗa sai ya ce sunan da Baba ya raɗa masa harafin ya biyu gare shi, wanda ya kira shi da ya guda wani yake nema can, ba shi ba. Mu dai dariya muke yi, muna cewa Yaya ya cika tsiya.

Ya yi karatun Larabci ya samo takardar shaida, aka ɗauke shi malamin Arabiyya a wata firamare a Maiyama. Can ya zauna, can ya yi aure, can furfura ta same shi. Da rani yakan hau babur ya leƙa fadamarmu ta Danwarai, amma ransa yana aji. Ka tambayi duk wanda ya bi ta makarantar nan, mahauci ne ko ɗan acaɓa ko ma'aikaciyar asibiti, yadda ya koyi shadda. Da sunan Yaya ya koya. Zai rubuta sunansa a baƙin allo da Larabci, ya zana shaddar ƙatuwa har ta fi baƙin da take kai girma, ya buga tebur ya ce, "Ku danna! Wa-liy-yu!" Aji ya ɗauka gaba ɗaya har masu tallar ƙosai na bakin ƙofa su amsa. Yara suna tsoronsa suna kuma son sa, don bulalarsa ta nuni ce kawai, ban taɓa jin ta sauka a jikin ɗan kowa ba.

To ga inda aka haihu a ragaya. Akawun da ya buga takardar ɗaukarsa aiki tun can da, da tsohuwar tafireta, ya rubuta WALIYU ABDULMUMINI DANWARAI. Y guda. Yaya a lokacin bai ɗauki boko da muhimmanci ba, ya naɗe takarda ya sa a akwati. Da aka ce albashi sai ta banki, banki suka kwafa daga wannan takarda. Da aka zo yin katin zaɓe haka aka bi, katin ɗan ƙasa ma haka. Kuskure ne, amma kuskuren ya tafi bai ɗaya, kowace takarda ta yarda da 'yar'uwarta. Ranar da ya karɓo katin ɗan ƙasa ya zo gidana Jega yana huci, wai an yi wa sunansa kaciya. Na ce, "Yaya, albashi yana shiga?" Ya ce yana shiga. Na ce to sha fura. Ya sha, ya kai katin aka manne masa shi cikin leda, ya sa a aljihu, amma abin bai bar ransa ba.

Ɗana na fari, Kamaluddeen, magidanci ne da 'ya'yansa, yana da shagon kwamfuta kusa da tasha a Jega. Ni kuma ina ajiye kular zoɓo da kunun aya a bakin shagon, don haka aikinsa a gabana yake yi. Mutanen ƙauyuka ba sa ma zuwa, hoton katinsu suke turo masa ta waya ya cika musu fom. Shi kansa sunansa ya ba shi wuya a makaranta, wani malami ya sa d guda, wani ya ƙare da in, wani da een, sai da ya sha yawon kotu kafin takardunsa su daidaita. Shi ya sa ya kafa wa kansa doka. Ba ya rubuta suna yadda aka faɗa masa, sai yadda yake a kati, baƙi bayan baƙi, kuma kowane suna a gurbinsa: wanda kati ya sa a sunan mahaifi nan zai zauna, na tsakiya a tsakiya. In kati ya ce Muhammed ba zai mayar da shi Muhammad ba ko liman ne ya turo. In hoton ya yi dishi-dishi, ko yatsa ya rufe baƙi guda, ba ya cikawa da ka, sai ya kira mai shi ya ce a sake ɗauka a inuwa. Mutane suna cewa ya cika ƙa'ida, amma gobe su ne a ƙofarsa.

Wata shekara aka ce za a tantance ma'aikata, a fitar da na bogi, wato sunayen da ake biya albashi babu mutum a bayansu. Aka ba wani kamfani aikin tare da kwamiti. Kowane malami zai cika fom ta intanet, ya ɗora hoton katin ɗan ƙasa da takardar ɗaukar aiki, ya sa lambobinsa na banki. Na'ura ce za ta gwada sunan da ke fom da wanda ke rumbun katin ɗan ƙasa da na banki. Ni har murna na yi, na ce yau ɓarayi za su ji kunya.

Ranar kasuwar Jega Yaya ya zo da takardunsa a leda. Kamaluddeen ya tashi ya ba shi kujera, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗauki hoton katin ya buɗe shi a kwamfuta ya fara bugawa. Yaya ya sa tabarau ya matso.

"Mi ka rubuta nan?"

"Sunanka, Kawu, yadda yake ga kati."

"Wanga ba sunana ba ne. Ƙara y."

Kamaluddeen ya janye hannunsa daga kwamfuta. Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Na san ya biyu ne, kai ka koya mani. Amma na'urar ba ta san Larabci ba, gwadawa kawai take yi. In ta ga fom da y biyu, kati da guda, cewa za ta yi mutum biyu ne. In kana son gyara, sai mu fara daga katin, sannan banki, sannan fayil ɗinka na ofis, kuma wanga ba aikin da za a gama kafin a rufe fom ba ne. Mu bi kati yanzu, in an wuce tantancewa ni da kaina zan bi maka gyaran."

Yaya ya ce, "Ai tantancewa sunka ce. Tantancewa kuwa ita ce a raba gaskiya da ƙarya. Shekara da shekaru ina ɗauke da kuskuren wani akawu, yau an ce kowa ya faɗi ko shi wane ne, sai in sake rubuta kuskuren da hannun ɗana? Kuma dubi sunan Baba. Abdulmu'min ne, akwai hamza, wancan i ɗin na ƙarshe bakin Hausawa ne ya liƙa shi. Cire shi, ka sa ɗan waƙafin sama."

Na leƙo daga bakin ƙofa na ce, "Haba Yaya! Ka bar yaro ya yi aikinsa mana. Kai in ya shigo ajinka ya ce a cire shadda za ka yarda?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Auta, je ki ga zoɓonki." Sannan ya juya ga Kamaluddeen ya yi ƙasa da murya. "Ni na yi maka huɗuba ranar da anka haife ka. Yau kai za ka gaya mani sunana?"

Shi ke nan, ya gama da shi. Wane ɗa ne zai ji wannan daga bakin kawunsa ya sake cewa uffan, ga mutane cike da shago suna kallo? Da wani ne daban, Kamaluddeen zai miƙa masa takardunsa ya ce ya gwada wani shago, na sha ganin ya yi haka. Amma kawu ne. Ya sunkuyar da kai ya ƙara y, ya cire i, ya sa waƙafin sama, ya tura. Yaya ya karɓi takardar da firinta ta fitar yana ta kallonta yana murmushi, karo na farko ke nan da ya ga sunansa daidai a boko. Har zoɓo ya saya wa mutanen shago. Ɗana kuwa ranar bai iya cin abincin rana ba.

Bayan 'yan watanni aka manna sunaye a bangon ofis a Maiyama, aka kuma yi ta yawo da hotonsu a wayoyi. Sunan Yaya yana cikin waɗanda aka ce ba a same su ba. Hedimasta ya kira shi yana ta ba shi haƙuri, ya ce an umarce shi kada wanda sunansa ya fito ya shiga aji sai an wanke shi. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa makaranta, aka ce ya koma gida. Takardar ba ta ce bogi ba, cewa ta yi bayanai ba su dace ba. Amma gari ba ya karanta takarda. Gari ya ce an fitar da malaman bogi, kuma har da Malam Waliyyu.

Abin da ya ci masa rai ke nan, ni ma shi ya ci mini. Albashin da aka tsayar bai taɓa ambata ba, Zinatu ce ke fama da tukunya. Kalmar ce. Wani mahauci da ya koya wa karatu ya hango shi a kasuwa ya ɗaga murya, wai shi wasa, ya ce, "Malam, ashe aljani ne ya koya muna Arabiyya!" 'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Yaya ya ajiye naman da ya saya a kan tebur ya juya. Da labarin ya iso mini, na rantse da a gabana aka yi da sai na kifar masa da teburin.

Aka ce masu ƙorafi su bayyana gaban kwamiti. Kamaluddeen ya rufe shago ya raka shi, ni ma na bi su, don na san halin ɗan'uwana. Mun tarar da tsakar ofis cike, wata Hauwa da aka rubuta Hawwa'u, wani Usman da ya zama Uthman, wani kuma sunan garinsu ya koma gurbin sunan uba. Da aka kira Yaya ya shiga ya tsaya ya ce, "Ga ni. An ce ba a same ni ba, to ga ni." Shugaban kwamitin dattijo ne mai hankali, bai yi masa wulaƙanci ba. Ya ce, "Malam, mu mun gan ka, hedimastanka ma ya yi maka shaida. Amma ba mu ke buɗe suna ba, sai bayanai sun dace. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa sunan nan biyu duk kai ne, kuma na kan kati shi za a riƙa amfani da shi. Ka kawo mu sake shigar da kai."

Abu mai sauƙi, ko? Ga kowa mai sauƙi ne, ban da Waliyyu ɗan Abdulmumini. A hanya ya ce shi ba zai rantse a kan a ci gaba da kiransa da sunan da ya san ba daidai ba ne. Kamaluddeen ya yi ta lallashi, ya ce takardar ba ta ce Waliyu ne daidai a Larabci ba, cewa kawai take yi shi ne a kati. Yaya ya ce wayon 'yan boko ne. Ya ce a gyara katin. Kamaluddeen ya ce za a iya nema, amma ba a san ranar da gyaran zai fito ba, in ya fito kuma katin zai saɓa da banki da takardar ɗaukar aiki, sai an bi su su ma, kwamiti kuwa ba zama zai yi yana jiransa ba. Ni na kasa haƙuri. A bakin tashar Jega na buɗe masa wuta, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce, "Yaya, girman kai ne wanga, ba ilimi ba! Allah bai san sunanka ba sai na'ura ta danna? Ɗiyanka za su ci y ne?" Ya dube ni ya ce, "Kin gama?" Ya hau babur ɗinsa ya tafi Maiyama. Muka yi makonni ba ma magana.

Abin da ya karya shi ba ni ba ce, ba kuma yunwa ba. Zinatu ce ta ba ni labari. Tunda aka dakatar da shi ba a turo kowa ba, in lokacin Arabiyya ya yi sai a saki yara su yi ta guje-guje a fili. Wata rana da la'asar yana zaune a ƙofar gida, 'yar maƙwabcinsu, ɗalibarsa ce 'yar aji uku, tana biya karatun salla da ƙarfi a zaurensu. Ta zo kan wata kalma mai shadda ta wuce ta sumul kamar babu komai a wurin. Ta maimaita, ta sake wucewa. Zinatu ta ce ta ga ya miƙe zai shiga ya gyara mata, sai ya tsaya a bakin zauren, ya dawo ya zauna. Uban yarinyar yana cikin masu cewa bogi. Can Yaya ya ce wa Zinatu, "Ina nan ina gardama kan tawa shaddar, ta cikin salla tana zubewa."

Washegari da hantsi sai ga shi a shago. Bai gaishe ni da fushi ba, bai kuma ba ni haƙuri ba, haka yake. Ya ce wa Kamaluddeen, "Buga takardar." Aka buga, muka tafi kotu nan Jega. Ma'aikacin rantsuwa ya karanta masa, ya tambaye shi ko ya yarda. Ya ce ya yarda. Da aka miƙa masa biro, shi da kullum da Larabci yake sa hannu, sai ya rubuta da boko, a hankali, W, A, L, I, Y, U. Na ga biron ya ɗan tsaya bayan y ɗin kafin ya wuce. Na juya na kalli bango, don hawaye ne suka zo mini, ni da na fi kowa matsa masa. Da muka fito ya ce, "To, na ba su. Su bar ni in koma aji."

Muka kai takardar ga kwamiti ana gab da rufe karɓar ƙorafi. Kamaluddeen ya tafi da hoton katin da ya ɗauka a shago, tas, kowane baƙi a fili. Ma'aikatan kamfanin suka ce ba sa karɓar hoton waje, su za su ɗauka da wayarsu. Wata ta karɓi katin, ta aza a kan tebur kusa da taga, rana tana dukan ledar, ta ɗauka ta ce na gaba. Kamaluddeen ya ce, "Don Allah a duba ko ya fito." Ta ce layi yana da tsawo. Aka ce mu tafi, za a tura hotunan can ofishinsu a buga sunayen, sakamako zai fito.

Yaya ya koma gida ya sa aka wanke farar rigar nan, ya sayo alli da kuɗinsa don makarantar ba kullum take da shi ba. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce masa ya kusa komawa. Ni ma na saki jiki.

Sakamako ya fito ta waya, Kamaluddeen ya buɗe a shago ina tsaye a kansa. An sake cewa bayanai ba su dace ba. Ya buɗe takardar gaba ɗaya, ga hoton katin da suka ɗauka a gefe. Hasken rana ya faɗa kan ledar ya yi fari fat a tsakiyar sunan, daidai kan y. Ana ganin WALI, sai haske, sai U. Wanda ya buga sunan kuwa, daga baya Kamaluddeen ya binciko, mutumin kudu ne, Musulmi, a garinsu sunan nan ba shi da y ko guda. Ya ga WALI da U, ya san sunan, ya cika da abin da ya sani. Ya rubuta WALIU. Bai yi da mugunta ba, na yarda. Amma da ya ɗaga waya ya ce a sake hoto, ko ya buɗe takardar kotun da ke maƙale a bayan fom ɗin, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Ɗana ya dafe kai ya ce, "Inna, ni zan gaya mashi ko ke?"

Mu biyu muka tafi Maiyama. Muka same shi a ƙofar gida, ya ga fuskokinmu ya ce a ba shi takardar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi, ya zagi wani, ko ni ce. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Na ba su guda, sun ɗauke duka biyun."

Kamaluddeen ya yi ta zirga-zirga. Kwamiti ya riga ya miƙa rahoto ya watse, kwangilar kamfani ta ƙare, lambar wayarsu ta daina shiga. A ofis aka ce ya rubuta ƙorafi, ya rubuta, aka buga hatimi aka ce ana dubawa. Har yau ana dubawa. Na ji ana cewa wasu da ba a taɓa ganin ƙeyarsu a makaranta ba sun wuce lafiya lau, don su takardunsu baƙi bai saɓa da baƙi ba. Ban gani da idona ba, amma ban yi mamaki ba, wanda ya ƙirƙiri suna ai ba zai yi gardama da shi ba. A makarantar kuwa aka haɗa Arabiyya da wani darasi aka ba wani malami, bawan Allah yana iya ƙoƙarinsa.

Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Danwarai, gidan Baba. Allin da ya saya ya ba hedimasta. Yanzu albasa yake nomawa sosai, yana ban ruwa da kansa, gwiwoyinsa suna ciwo. Ba ya zancen makaranta, in wani ya ɗauko sai ya tambaye shi farashin taki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yanzu in ka ce Wali yana amsawa. Ranar da na fara jin wani yaro ya kira shi haka ya ce na'am, sai da na ji kamar an mare ni.

Bara da kakar albasa na je kasuwar Aliero sayen ta miya, na hango shi cikin masu jiran mota. Kowane manomi yana rubuta sunansa da fenti a jikin buhunsa, don kada kaya su cakuɗe in an loda su zuwa kudu. Yaya yana durƙushe da gwangwanin shuɗin fenti da ɗan tsinke. Na matsa in ga wanne ya zaɓa, mai y biyu ko mai guda. Babu ko ɗaya. A kowane buhu haƙora uku ya zana, ƙatuwar shadda ita kaɗai, babu baƙi a ƙarƙashinta.

Ɗan kamashon da ke lodi ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba, wanga wane irin tambari ne? Ina sunan?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ce, "Sunan yana ofis, ana dubawa. Wagga ce sunka ce ba su so, sai na riƙe abata."

Ɗan kamasho ya yi dariya ya kira 'yan dako. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallo ana jefa buhunan cikin mota ɗaya bayan ɗaya, har ya gama na ƙarshe ya goge tsinken a ƙasa.